Man Ƙaiƙayin da Ke Ciyar da Makero, Ya Kuma Cinye Fata

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke haura digiri 40, gumi ba ya bushewa a matsematsi da hammata da ƙarƙashin nono. A wannan lokacin ne makero ke yaɗuwa, a lokacin ne kuma masu teburin magani a kasuwa da masu yawo da shi a kwali suke cinikin man ƙaiƙayi. Mutum zai ce wa mai tebur jikinsa na ƙaiƙayi, ko wurin ba zai nuna ba, sai a miƙo masa ɗan bututu a ce wannan uku ne a haɗe, yana maganin komai. Ya shafa da daddare, ya yi barcin da ya kwana biyu bai samu ba, gari na wayewa ya shaida wa maƙwabcinsa cewa ya samu magani. Ba ƙarya ya yi ba, ƙaiƙayin ya tafi da gaske. Abin da ya kore shi ɗin shi ne matsalar.

Yawancin waɗannan mayuka suna ɗauke da sitiroyid, wanda ma'aikatan lafiyarmu da suka yi karatu da Faransanci suke kira kotikoyid. Kwaikwayo ne na wani sinadari da jikin ɗan Adam yake yi da kansa, kotizol, wanda wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suke fitarwa. Tun 1952 aka fara shafa shi a fata, da haidirokotizon, kuma magani ne na gaske mai daraja. Mai fama da kirci irin na gado, ko wanda fatarsa ta yi borin wani sabulu ko lalle, yana samun sauƙi da shi ƙwarai idan likita ya zaɓa masa wanda ya dace ya kuma yanke masa kwanaki. Sai dai ba ƙarfinsu ɗaya ba. Haidirokotizon shi ne mai sanyi. Betametazon yana cikin masu ƙarfi. Kulobetasol kuwa yana can ƙololuwa, ya ninka haidirokotizon ƙarfi sau ɗaruruwa, ko da yake a kwali za ka ga an rubuta 0.05% kawai, ka ɗauka ɗan kaɗan ne. Waɗannan biyun na ƙarshe su suka cika kasuwa. Ka juya kwalin ka duba ƙananan rubutun, za ka ga Bétaméthasone ko Clobétasol, sau da yawa tare da wasu sunaye biyu: ɗaya na kashe fangas, irin su kulotirimazol ko ketokonazol, ɗaya kuma na kashe bakteriya, irin su niyomaisin ko jentamaisin.

Makero ba tsutsa ba ce, ba kuma dattin jini ba ne. Wata ƙwayar halitta ce dangin funfuna, fangas, wadda abincinta shi ne keratin, wato abin da aka gina saman fata da gashi da farce da shi. Tana zaune ne a can sama-sama, a cikin matacciyar fatar da ke shirin zubewa, tana miƙa siraran zare tana ci gaba ta kowace fuska. Shi ya sa take yin zobe: bakin da'irar shi ne inda take da rai tana aiki, tsakiyar kuma inda ta riga ta wuce.

Jiki ba ya zuba mata ido. Da ya ji ta, sai ya turo ƙwayoyin garkuwa wurin, jijiyoyin jini su buɗe, wurin ya ɗan tasa ya yi zafi yana ƙaiƙayi. Yana kuma yin wata dabara da mutane ba su cika sani ba. A al'ada saman fata yana sabunta kansa a cikin kamar mako huɗu, amma a bakin makero jiki yana hanzarta wannan sabuntawar ninki-ninki, don ya karkaɗe fatar da fangas ɗin ke ciki kafin ya kafu. Wannan farin garin da ke tashi idan an sosa, wanda mutane ke ƙyama, shi ne jiki ke zubar da cutar. Ƙaiƙayin da ja da ɓawon duk alamun cewa ana fafatawa ne.

To, sitiroyid idan ya ratsa fata yana shiga har cikin ƙwayoyin halitta, ya isa inda ake ba da umarnin abin da za a ƙera, ya dakatar da saƙonnin da ke kiran garkuwa. Yana matse ƙananan jijiyoyin jini, ja ya ɓace. Yana rage saurin haihuwar sababbin ƙwayoyin fata, ɓawo ya daina tashi. Cikin kwana biyu ko uku wurin ya kwanta ya yi sumul. Amma ko ƙwaya ɗaya ta fangas bai kashe ba, domin ba aikinsa ba ne. Hanyoyi biyun da jiki ke korar cutar su ya rufe, cutar kuwa tana nan, kuma yanzu babu mai tare ta.

Wani zai ce, ai a cikin man akwai maganin fangas ɗin ma. Haka ne, akwai. Sai dai kulotirimazol da danginsa galibi suna tsayar da girman fangas ne, su bar wa garkuwar jiki ta ƙarasa aikin, kuma suna buƙatar kamar mako huɗu ana shafawa safe da yamma ba fashi. A cikin bututu ɗaya an haɗa su da abin da ke kwantar da garkuwar da suke dogaro da ita. Ga shi kuma mutum ba ya kaiwa mako huɗun: ranar da ƙaiƙayi ya tafi ranar yake ajiye man, sai ya dawo ya sake ɗauka. Fangas ɗin da ke samun magani yau, gobe babu, shi ne yake koyon jure masa. Shi kuma niyomaisin da ke ciki ba shi da abin yi a wurin sam, tunda ba bakteriya ce ta kawo makero ba, ƙari ma yana cikin magungunan da suka fi sa fata bori.

Mu ɗauki wani matashi mai haya da mashin a cikin Garwa, irin waɗanda ke wuni a kan kujerar roba cikin wandon jins. Ya fara da zobe guda a matsematsi, bai kai tafin hannu ba. Kunya ta hana shi nuna wa kowa, ya sayi mai uku-a-haɗe mai kulobetasol a ciki. Mako na farko, lafiya lau. Ya daina. Bayan kwana huɗu ko biyar ƙaiƙayi ya dawo fiye da da, domin jijiyoyin da aka matse sun buɗe gaba ɗaya, garkuwa kuma ta farka ta tarar da cutar ta ninku. Abin da ya fahimta shi ne maganin yana aiki, dainawa ce ba ta da kyau. Sai ya koma shafawa kullum.

Ana iya ƙiyasta abin da ya shafa. Idan aka matso mai a kan ɗan yatsa manuni daga kansa zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram ke nan, kuma ya isa ya rufe wurin da ya kai tafin hannu biyu. A wata na biyu ciwon nasa ya kama cinyoyi biyu ya zagaya ɗuwawu, a ce tafin hannu shida. Giram ɗaya da rabi ke nan duk shafawa, giram 3 a yini idan safe da yamma yake shafawa, bututu mai giram 30 ya ƙare a kwana 10. A wata huɗu a haka ya shanye kusan bututu 12. Alhali takardar da ke cikin kwalin kulobetasol na asali tana iyakance shi ne ga makonni kaɗan, biyu zuwa huɗu, tana kuma gargaɗi a kan fuska da hammata da matsematsi.

Dalilin wannan gargaɗin shi ne fatar jiki ba ɗaya ba ce. A wani gwaji da aka yi a 1967 da haidirokotizon, an ɗauki fatar cikin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a matsayin ma'auni. Tafin ƙafa bai sha ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Goshi ya sha ninki 6, muƙamuƙi ninki 13, fatar maraina kuwa ninki 42. Ka ƙara da cewa matsematsi wuri ne da fata ke rufe fata, ga gumi, ga matsattsen wando, kuma duk wurin da aka rufe yana shan magani ninki da yawa fiye da wanda iska ke bugu. Wato saurayin nan ya zuba mafi ƙarfin mai a wurin da ya fi ko'ina sha, a lokacin da ya fi kowane zafi.

A nan ne maganar sirancewar fata ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna, don wani ɓangarenta ba ya gyaruwa. Fata hawa biyu ce. Na sama siriri ne, shi ne ke riƙe ruwan jiki ya hana datti shiga. Sitiroyid yana rage yawan ƙwayoyinsa da kitsen da ke liƙe su, kuma wannan yana farawa tun cikin mako ɗaya ko biyu, tun ido bai gani ba. Hawa na ƙasa shi ne mai kauri, kuma ƙarfinsa daga kolajin yake, wasu zaruruwa da aka sarƙe da juna, waɗanda wasu ƙwayoyi na musamman ke saƙawa kullum yayin da jiki ke warware tsofaffin. Sitiroyid yana sa masaƙan nan su ajiye aiki, amma warwarar ba ta tsayawa. Ka yi tunanin zanen da ake zare masa zare kowace rana ba a mayar da ko ɗaya ba: da farko zai yi shara-shara, daga baya duk inda aka ja sai ya yage.

Haka ake gani a jikin mutum. Wurin yakan fara ƙyalli, ya yi laushin da ba na lafiya ba, idan ka ɗan tattaro shi da yatsu biyu sai ya yi ƙananan tamoji kamar na dattijo. Launinsa yakan yi haske fiye da kewayensa, saboda man yana danne ƙwayoyin da ke yin baƙin fata. Siraran jijiyoyi su fito fili, ɗan bugu kaɗan jini ya kwanta, ɗan ƙwarzane ya daɗe bai warke ba. Sai kuma nankarwa. Ba irin siraran nan na ciki ko ƙiba ba, waɗannan masu faɗi ne, wasu sun kai faɗin yatsa, ja-ja ko shuɗi-shuɗi, suna gangarowa ta cikin cinya ko daga hammata. Nankarwa tsagewar hawan ƙasa ce. Ƙyallin da hasken suna iya komawa daidai cikin watanni bayan an daina man, amma nankarwa launinta kawai ke dusashewa, ba ta tafiya. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai zauna da ita har tsufansa saboda zoben da man fangas zalla zai iya warkarwa a wata guda.

Lokacin da irin wannan matashi ya isa asibiti, abin da ke jikinsa ba ya ma kama da makero. Zoben ya ɓace, babu ɓawo, bakin ciwon ya dushe ba a gane inda ya tsaya. Wani lokaci a ga zobe a cikin zobe, hawa biyu ko uku, alamar an yi ta shafawa ana dainawa. Wani lokaci ƙuraje ne masu tauri ko masu ruwa a gindin gashi, domin fangas ɗin da a da yake sama-sama ya bi ramin gashi ya nutse. Likitocin fata suna kiran wannan ɓataccen kama tiniya inkognito, sunan da aka sa masa tun 1968. Haɗarinsa shi ne ma'aikacin lafiya ma yana iya ɗaukarsa kirci ko bori, ya sake rubuta wani sitiroyid. Shi ya sa tambayar farko ba ta wuce, “Ɗan'uwa, me kake shafawa?” Amsar da aka saba ji ita ce, “Wallahi likita, ba komai, ɗan man ƙaiƙayi ne kawai.” Mutane ba sa lissafa shi cikin magani. Wanda zai je asibiti ya tafi da bututun ko kwalinsa a aljihu, ya fi dogon bayani amfani.

Tabbatarwa ba ta da wuya inda akwai madubin awo. Ana ɗan kankaro saman fata daga bakin ciwon, ba daga tsakiya ba, a ɗiga masa ruwan fotas wanda ke narkar da fatar ya bar zaren fangas a fili. A fatar da ta sha sitiroyid zaren yakan yi yawa har ya cika madubi, ko da yake maganin fangas ɗin da ke cikin haɗin yana iya ɓoye shi, don haka wani lokaci akan ce a dakata da shafe-shafe na wasu kwanaki kafin awon. Akwai kuma wani dalilin da ya sa nake ganin ya kamata ido mai sani ya ga duk tabon da ya ƙi tafiya: tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma idan an taɓa shi da auduga mutum bai ji ba, yana iya zama farkon kuturta, wadda ke da magani kyauta, kuma jinkiri ne ke sa ta nakasa mutum.

Maganin saurayin namu yana farawa da ajiye man, kuma dole a gaya masa gaskiya tun a ranar: mako ɗaya zuwa biyu masu zuwa za su yi masa wuya. Wurin zai yi ja, ya yi raɗaɗi, ƙaiƙayi ya tashi, zoben ya fito sarai har ya fi da girma. Wanda ba a faɗa wa haka ba, a kwana na uku zai koma teburin kasuwa ya ce maganin asibiti ne ya ƙara masa ciwo. Ana iya ba shi ƙwayar rage ƙaiƙayi irin setirizin don ya samu barci. Tunda ciwon ya yi faɗi kuma ya shiga ramin gashi, shafawa kaɗai ba za ta kai ba, sai an haɗa da na sha. Ga babba, abin da aka saba shi ne tabinafin miligiram 250 sau ɗaya a yini, ko itirakonazol, na mako biyu zuwa huɗu, kuma a irin wannan hali sau da yawa sai an zarce haka. Ba magungunan da mutum zai saya wa kansa ba ne. Suna bi ta hanta, kuma ciwon hanta ba baƙo ba ne a yankinmu, itirakonazol yana karo da magunguna da dama, mai ciki kuma tana da nata hukuncin daban. A sama kuma a shafa man fangas zalla, wanda suna ɗaya tak ke jikin kwalinsa, a wuce bakin ciwon da kamar faɗin yatsa biyu, a ci gaba mako ɗaya ko biyu bayan ido ya daina ganin komai.

Akwai wanda ba a ce masa ya daina dare ɗaya. Matar da ta shekara tana zuba kulobetasol cikin man shafawarta tana bin jiki duka da shi don haske, abin da ya ratsa fatarta ya shiga jini yana iya sa halittun nan na saman ƙoda su rage yin nasu kotizol. Alamunsa su ne fuska ta cika ta yi zagaye, kitse ya taru a ƙeya da ciki, ƙafafu su sirance, sukari da hawan jini su tashi. Irin wannan idan ta yanke gaba ɗaya tana iya faɗawa cikin kasala mai tsanani da jiri da amai, har jini ya faɗi. Ita sai an janye mata a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Masu irin wannan shafe-shafen ne kuma za ka gani da makero mai faɗi a baya da ƙirji har fuska, ko ƙazuwar da ta ƙi ji, domin garkuwar fatar ta kwanta ko'ina. Haka jariri: fatarsa siririya ce, kunzugun roba kuma rufi ne, don haka man uku-a-haɗe a ɗuwawun jinjiri yana shiga jininsa fiye da yadda uwa za ta zata.

Abin da ya faru a Indiya ya isa a tsaya a duba. A can ma irin waɗannan mayukan haɗi sun yi shekaru ana sayar da su ba takardar likita, cikin zafi da gumi irin namu, har makero ya zama annobar da ke kama gida guda gaba ɗaya ta yi watanni ko shekaru. Daga cikin wannan yanayi aka gano wani nau'in fangas da sau da yawa ba ya jin tabinafin, aka sa masa suna Tirikofaiton indotiniye a 2020, kuma tuni an same shi a ƙasashe da yawa a wajen Indiya. Likitocin fata na can sun daɗe suna nuna yatsa ga mayukan haɗin nan a matsayin babban abin da ya rura wutar. Mu da kasuwanninmu ke cike da kaya iri ɗaya, daga Garwa zuwa Marwa zuwa Kusiri har a tsallaka Injamena, bai kamata mu ɗauka labarin nesa ne ba.

Saurayin zai warke, amma idan aka tsaya a jikinsa kaɗai zai sake kamuwa. Ƙwayoyin fangas suna daɗewa da rai a tawul da zanen gado da gajeren wando. A wanke su da ruwan zafi, a shanya a rana sosai, a bi su da dutsen guga, kowa ya riƙe tawul ɗinsa da sosonsa. A duba tsakanin yatsun ƙafarsa, don sau da yawa daga can cutar ke hawowa matsematsi idan ana sa wando. Ya sauya jins da wando mai sakewa na auduga, ya tsane matsematsinsa bayan wanka kafin ya sa kaya. A tambayi matarsa ko ƙannensa da suke kwana ɗaki ɗaya, duk mai zobe a yi masa magani a lokaci guda. Idan kuma akwai yaro mai ƙora a ka, wannan ba ya jin man shafawa ko wane iri ne, domin fangas ɗin yana cikin gashin kansa. Sai maganin sha irin giriziyofulbin, wanda ake auna shi da nauyin yaron, a ba shi tare da abinci mai maiƙo, na mako shida zuwa takwas.